Maki Goma Sha Biyu na Maman Tagwaye

Shekara ashirin da tara Malam Raba-Tukuna ya yi yana shaƙar garin alli a sashen lissafi na kwalejin fasaha, kuma a duk tsawon shekarun nan bai wuce matakin mataimakin malami ba. Ba don bai iya ba. Ya fara digiri na biyu tun yana da baƙin gashi, sai mahaifinsa, wani tela mai yawan iyali, ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki. Malam ya ajiye karatu ya ce sai baɗi, baɗin nan kuwa har yau ba ta zo ba. Yaran da ya koya wa riƙe alli suka tafi suka dawo da manyan takardu, suka zama su ne masu sa masa hannu a takardar neman hutu. Ofishinsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, da tebur ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohon littafi, da kujeru biyu, da taga wadda ba ta buɗuwa sai an dake ta da gwiwar hannu.

Sunan nan ɗalibai ne suka laƙa masa, kuma ya bi shi har gida, don ko matarsa in ya cika mata kunne da gyara sai ta ce, “To, Raba-Tukuna, mun ji.” Asalinsa daga darasi ɗaya ne da yake koya wa 'yan shekara ta biyu, wanda ɗalibai ke kira faramita a taƙaice. Ana ba ka ikweshan, wato jimlar lissafi mai ɓangaren hagu da na dama, a cikinta akwai y, da y′, da y″. Malam yana kiransu y mai ƙaho ɗaya da y mai ƙaho biyu. Sai ka fara ɗauka kamar ɓangaren dama sifili ne, ka samo amsoshi biyu, y₁ da y₂. Maimakon ka ninka su da tsayayyun lambobi, sai ka sake su, ka ce u₁y₁ + u₂y₂, inda u₁ da u₂ suke canzawa tare da x. Ka gindaya sharaɗi cewa u₁′y₁ + u₂′y₂ = 0, ikweshan ɗin kansa kuma ya ba ka u₁′y₁′ + u₂′y₂′ = g. Daga nan ka jera ditaminan, ɗan akwatin nan mai gida huɗu, ka ninka a gicciye ka ɗebe: W = y₁y₂′ − y₂y₁′. In W ya fito sifili, amsoshinka biyu abu ɗaya ne, ka koma baya. In bai fito ba, u₁′ = −y₂g/W, u₂′ = y₁g/W, sai intigireshan biyu, wato ka cire wa u₁′ da u₂′ ƙahonsu, ka haɗa, ka tashi.

Duk wannan ɗalibai kan haddace shi kamar waƙa. Inda ake faɗawa rami shi ne g ɗin nan. Ba kowane abin da ke zaune a dama ba ne g. Sai y mai ƙaho biyu ya tsaya shi kaɗai, babu komai a maƙale a gabansa. In akwai, dole ka raba ikweshan ɗin gaba ɗaya da abin, hagu da dama, kafin ka taɓa komai. Malam kan buga allo da bayan hannu har garin alli ya tashi, ya ce, “Ku raba tukuna. Wanda bai raba ba, duk kyan rubutunsa, amsar wata tambaya yake bayarwa.” Ya faɗi wannan wa ɗalibai sun fi dubu uku. Shi a ransa yana ganin in ma bai bar komai a duniya ba, ya bar wannan.

Abu na biyu da yake taƙama da shi, a ɓoye, shi ne wani fayil mai koren bango da ke cikin kabad ɗin shugaban sashe. Tambayoyin jarrabawa ne da amsoshinsu, mataki-mataki da makin kowane layi, duk da rubutun hannunsa. Ka'ida ta ce mataimakin malami ba ya tsara jarrabawa, don haka kowace shekara shugaba kan zaro biyar daga fayil ɗin, ya ɗan shafa musu mai, ya sa hannu. Shugabanni shida aka yi a haka. Ba a taɓa samun kuskure ko na ɗigo a fayil ɗin nan ba, kuma ba a taɓa cewa an gode ba.

Shugaban yanzu, Dakta, tsohon ɗalibinsa ne. A bainar jama'a yana ce masa Baba Malam, har da ɗan rusunawa. Mutum ne mai son abu ya yi kyau a ido: teburinsa fes, takalminsa fes, kuma ba ya son ganin lamba bisa lamba a takarda, wai tana sa shafi ya yi kama da shagon gwangwani.

A ajin bana akwai wata mata da kowa ke ce wa Maman Tagwaye. Ta kusa arba'in, ta girmi wasu malaman ma. Shekara goma sha huɗu tana aiki a tashar tura ruwa, tana kwance injin famfo tana ɗaurawa, yara masu takarda suna zuwa suna zama shugabanninta. Wurin aiki suka ba ta hutun karatu, ta cinye kowane darasi da jan ciki, sai wannan. Ta faɗi sau biyu. Dokar kwaleji kuwa a fili take: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau uku, an sallame shi, babu takarda. A gaskiya ba mai kaifin kai ba ce, ko Malam bai taɓa yi mata ƙarya a kan haka ba. Amma in ta kama abu ta kama shi ke nan, kamar yadda take ɗaure noti. Kowace Talata da Alhamis bayan azahar takan zo lungun nan da littafinta mai tabon man inji, ya ba ta tambaya, ta yi, ya soke, ta sake. Sau biyun da ta faɗi, rashin rabawa na cikin abin da ya kayar da ita. Sai da ya kai ko a hanya suka haɗu, kafin ta gaishe shi takan yi dariya ta ce, “Na raba, Malam.”

Makon jarrabawa aka yi masa aikin yanar ido. Ya so ya ɗaga, likita ya ce in ya ƙara wata uku sai dai a riƙa ja masa sanda. Haka ya kwanta kwana goma sha biyu da auduga a ido ɗaya, matarsa tana ɗiga masa magani tana mita, wai tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganinsa a gida da hantsi ba sai da aka rufe masa ido. Bai ga takardar jarrabawar ba, bai kuma shiga gyara ba. Yadda ake gyara a sashen, kowane malami kan ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta a takardun duka, da takardar amsoshi a gefensa. Layin da ya dace ya ba da maki, wanda ya saɓa ya ja jan biro. Mai gyaran ba ya warware tambayar da kansa. Wa ke da lokaci, takarda ɗari da goma sha biyu?

Ranar da ya koma aiki, sakamako ya kwana uku a manne a allon sanarwa. Ya tarar da Maman Tagwaye zaune a kan matakala, jakarta a cinya. Ta miƙe ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, ta tambayi iyali, duk ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sai da ya buɗe ofis suka zauna ta ce, “Talatin da huɗu, Malam.”

Arba'in ake nema. Ya ji abin har cikin idon da aka yi wa aiki.

“Ni ba ƙorafi na zo yi ba,” in ji ta. “Sauran tambayoyin na san na yi rauni. Amma ta huɗu, ta faramita, na ɗauka na same ta. So nake kawai ka nuna mini inda na ɓata, in san abin da ya kashe ni.”

Ta miƙo masa takardar tambayoyi, duk ta yi laushi don ninkewa. Ya matso da ita kusa da lafiyayyen idon. Tambaya ta huɗu, maki ashirin:

x²y″ − 2xy′ + 2y = x², x > 0.

“Faɗa mini abin da kika yi.”

“Na samu y₁ = x, y₂ = x². Ditaminan ya ba ni 2x² a ɗebe x², saura x². Sai na raba da x², dama ta koma ɗaya. To u₁′ ya zama −1, u₂′ ya zama 1/x. Na yi intigireshan, u₁ = −x, u₂ = ln x. Na haɗa na samu x² ln x − x².”

Malam ya juya bayan wata tsohuwar takarda ya gwada. Ya bar −x² ɗin gefe, tunda ɗan gidan y₂ ne, hagu zai haɗiye shi. Ya zuba x² ln x a ikweshan: masu ln suka kashe juna, biyu, ban da huɗu, da biyu, aka bar 3x² a ɗebe 2x². Saura x², daidai da dama.

“Ba ki ɓata ba,” ya ce.

“To me ya faru?”

“Ki je gida wajen yara. Ki ba ni kwana biyu.”

Ya hau bene zuwa ɗakin ajiyar takardu, ya sa hannu, aka fito masa da ƙunshin. Takardarta tana nan, rubutu manya-manya kamar na mai sassaƙa. Maki biyar na amsoshin farko, uku na ditaminan, daga nan jan biro ya bi sauran har ƙasa. Takwas cikin ashirin. Ya zaro takardar amsoshin da aka yi gyara da ita, sai ya ga rubutunsa ne. A ciki u₁′ = −x², u₂′ = x, u₁ = −x³/3, u₂ = x²/2, amsa x⁴/6. Ya tsaya yana kallonta, yana tambayar kansa ko idon ne ya daɗe yana cin amanarsa bai sani ba. Sai ya duba kwanan watan da ke kusurwa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya tuna tambayar. Ba haka ya rubuta ta ba. Tasa ita ce y″ − (2/x)y′ + (2/x²)y = x². A wannan, y mai ƙaho biyu a tsaye yake shi kaɗai, g kuwa x² ne, kuma x⁴/6 daidai ne babu tantama.

Sakatariyar sashe, dattijuwa ce da suka fara aiki shekara ɗaya, ita ta ƙarasa masa labarin bayan ta tura ƙofa. Ta fito da zubin farko na takardar tambayoyin daga aljihun tebur. Dakta ya ga lamba bisa lamba guda biyu a layi ɗaya, ransa bai so ba. Ya sa koren bironsa ya ninka hagu da x² don layi ya miƙe, ya bar dama yadda take. Tambaya ta zama wata tambaya dabam, takardar amsoshi kuwa aka zaro ta daga fayil aka haɗa, ba wanda ya sake gwadawa. Mai duba jarrabawa na waje ya zo ya sha shayi ya sa hannu.

“Don Allah, Malam, ban nuna maka komai ba,” in ji sakatariya. “Saura mini shekara biyu in yi ritaya.”

Ya koma ɗakin ajiya ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, idonsa yana ruwa. Abin da ya gani ya fi kuskuren ciwo. Duk ɗalibin da ya manta bai raba ba, ya ɗauki x² a matsayin g, sai ya faɗa daidai kan x⁴/6, ya kwashe ashirin cif. Su tamanin da uku ne. Goma ba su kai wurin ba ma. Goma sha tara ne kacal suka raba, kuma su aka zane da jan biro. Shekara ashirin da tara yana buga allo, ashe cikin ɗari da goma sha biyu, goma sha tara ne suka ji. A cikinsu ma goma sha takwas ko dai sun haye da sauran tambayoyi, ko suna da sauran dama. Ita kaɗai ce a bakin rami. Da an ba ta goma sha biyunta, arba'in da shida take da shi.

Washegari da safe ya shiga ofishin Dakta. Dakta ya taso ya tarbe shi, ya ja masa kujera, ya tambayi ido. Malam ya ajiye takardu biyu a kan teburin nan mai sheƙi, ya zuba x⁴/6 a tambayar da aka buga. Hagu ya ba da x⁴, dama tana cewa x². Dakta ba jahili ba ne. Kafin Malam ya kai layi na uku ya gane, har wuyansa ya yi gumi.

“Baba Malam, wa ya san wannan?”

“Ni da kai. Da matar da aka kora a kan ta yi daidai.”

“Ba a kore ta ba tukuna. Wasiƙun sallama sai nan da mako biyu.” Ya tashi ya rufe taga. “Ka san in aka gyara da gaskiya, mutum nawa cikin tamanin da ukun nan za su faɗo ƙasa da arba'in?”

“Talatin da ɗaya. Na ƙirga.”

“Kuma an riga an aika sunayen wasunsu sama. Kana so allura ta tono garma?”

“Ni ban zo a kayar da kowa ba. Maki goma sha biyu na zo nema, na mai su.”

Dakta ya juya biro a hannunsa. Sannan ya yi magana a hankali, da muryar nan ta mai lallashin tsoho. Sakamakon da aka manna ba ya buɗuwa sai kwamitin jarrabawa ya zauna. Kwamiti ba ya zama sai da wasiƙar da ta faɗi inda kuskure ya fito. Takardar amsoshi kuwa, ai kowa ya san rubutun wane ne.

“Takardata daidai take,” in ji Malam. “Tambayar aka taɓa.”

“Wa ya taɓa?”

Suka dubi juna. Malam ya tuna wannan fuskar tana shekara goma sha tara, a layin gaba, tana roƙon a sake bayanin ditaminan. Yana iya cewa kai ne. To amma sai ya kawo shaida, shaida kuwa tana aljihun teburin dattijuwar da ta roƙe shi. Ko ya kawo, Dakta zai kare kansa, a kafa kwamitin bincike, a yi wata shida ana shan shayi, wasiƙar sallama kuwa ba ta jiran kowa.

“Kai saura maka wata takwas ka huta,” in ji Dakta. “Ga lalurar ido, kowa zai fahimta. Ba abin da zai taɓa haƙƙinka na ritaya. Ni kuwa in abin ya hau kaina, sashen gaba ɗaya zai girgiza. Ka rubuta layi uku, ni kuma in tsaya mata a kwamiti. Na yi maka alkawari.”

A gida, da la'asar, ya gaya wa matarsa. Tana tsintar shinkafa a tire, ba ta ɗago ba.

“Wato a bar jaki a daki taiki,” ta ce. “Malam, me ka tara a gidan nan? Mota? Fili? Abu ɗaya kake da shi, ba a taɓa kama ka da kuskure ba. Shi ma za ka miƙa wa yaron da ka koya wa ƙirga?”

“Ba shi zan miƙa wa ba. Matar nan shekara uku tana barin 'ya'yanta wajen maƙwabta.”

“In sun karɓa sun ba ta, to. Ni dai na san mutanenka.”

Ya ji haushin maganarta, don ya san ta fi shi sanin mutane. Duk da haka da safe ya zauna a teburinsa mai gajeriyar ƙafa ya rubuta cewa takardar amsoshin tambaya ta huɗu, wadda ya shirya da hannunsa, ba ta dace da tambayar ba, kuma yana neman afuwa. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, wasiƙar kuma ƙarya ce daga sama har ƙasa. Ya sa hannu.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba a ɗakin taro na bene na biyu. Mataimakin malami ba ɗan kwamiti ba ne, don haka a benci ya zauna a baranda, kusa da tulun kashe gobara, awa biyu da rabi. Aka kira shi minti biyar, don ya tabbatar da cewa sa hannun nasa ne. Mutum bakwai a teburin, huɗu ya koyar da su. Shugaban kwamiti, wani farfesan gine-gine mai sanyin murya, ya yaba masa a kan gaskiya da riƙon amana, ya ce irinsu sun yi ƙaranci. Sannan ya karanta abin da aka yanke. An soke tambaya ta huɗu ga kowa. Za a auna kowane ɗalibi a kan sauran maki tamanin, a mayar da shi bisa ɗari. Kuma don kada a cuci kowa, duk wanda tsohon makinsa ya fi sabon, ya riƙe tsohon.

Malam bai buƙaci takarda ba. Talatin da huɗu a cire takwas, ashirin da shida. Ashirin da shida cikin tamanin, talatin da biyu da rabi. Za ta riƙe talatin da huɗunta.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “tambayar ba ta da laifi. Tana da amsa, kuma mutum goma sha tara sun same ta. A ba ni takardunsu, kafin la'asar na gama.”

“Da wace takardar amsoshi?” in ji farfesa. “Sabuwa sai mai duba na waje ya dawo ya sa hannu. Kuma ba a gyara tambaya ɗaya da ma'auni biyu. In aka yi sabuwa, kowa za ta hau, mutum talatin da ɗaya su faɗi a kan kuskuren da ka amsa da bakinka cewa naka ne. Kana so haka?”

Malam ya juya ya dubi Dakta. Dakta yana gyara takardun gabansa, yana daidaita gefensu da kyau.

“Ba wanda aka rage wa ko rabin maki,” in ji farfesa. “Ina ganin an yi adalci. Allah ya ƙara lafiya, Malam.”

Ya sauko matakala yana dafa bango. Baƙin ciki ya taɓa ganinsa a rayuwa, amma bai taɓa jin ya zama wawa irin na ranar ba. Ya sayar da abu ɗaya da ya mallaka, kuma waɗanda suka ci ribar su ne Dakta da mutum tamanin da ukun da ba su saurare shi ba. Wasiƙarsa ce ma ta zama katangar da aka jingina hukuncin. Daga ranar aka ɗauke koren fayil daga kabad, wai sai an sake tantance shi, tunda an fara samun kuskure a ciki. A ɗakin shan shayi aka riƙa cewa tsufa ba ta da magani, ana girgiza kai cikin tausayi.

Maman Tagwaye ta zo ranar Litinin da hantsi. Wannan karon da kayan aiki ta zo, shuɗin yadi mai tambarin tashar ruwa, ta riga ta koma bakin famfo. Wasiƙar sallama tana hannunta, ba ta ko ninke ta ba. Ta gaishe shi yadda ta saba. Ya ba ta labari tun daga koren biro har zaman kwamiti, bai ɓoye komai ba sai sunan sakatariya. Ta saurara, hannayenta masu kanta a kan gwiwa.

“An ce ka rubuta cewa laifinka ne.”

“Na rubuta.”

“Ba naka ba ne kuma.”

“Ba nawa ba ne.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa ya so ta yi, ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

“Malam, tambaya ɗaya zan yi, don in san abin da zan gaya wa mijina. Yaron da ke zaune kusa da ni a ɗakin jarrabawa, na ga an manna masa hamsin da ɗaya. Da muka fito na tambaye shi ko ya raba, ya ce raba me. Shi ashirin ya samu a ta huɗu?”

“Ashirin.”

“Ni ma sai da na rubuta x² ɗin a wurin g. Har na fara intigireshan, na ga abin yana tafiya sumul. Sai na ji muryarka a kunnena, na soke shafin duka na sake.” Ta dubi wasiƙar, ta dube shi. “Da na bar shi, da na ci ke nan?”

Malam ya buɗe baki. Shekara ashirin da tara bai taɓa barin tambayar ɗalibi ba amsa ba, kuma bai taɓa ba da amsar da ya san ba daidai ba ce.

“Da kin ci,” ya ce.

Ta miƙe, ta sa wasiƙar a jaka, ta mayar da kujerar inda ta same ta.

“Na gode, Malam. Allah ya ba da lada. A gaida Mama.”

Ya ji ƙarar takalmin aikinta a baranda har ta ɓace. Ƙarfe goma sha ɗaya yana da aji, sababbin 'yan shekara ta biyu, kuma darasin ranar faramita ne. Ya ɗauki alli biyu ya sa a aljihu, ya zauna yana kallon agogo, ya rasa da wane baki zai je ya gaya musu.